Gefen Katangar da Na Goge

Tsoro ya fara kama ni ne a lokacin da na ja linzamin kwamfuta kan layin sa'o'in hoton ranar Talata, na ga babu komai daga ƙarfe ɗaya da minti arba'in zuwa ƙarfe huɗu da minti goma. Kyamarar ƙofar gidanmu ce. A tsakanin waɗannan sa'o'in Kawu ya fita, kuma har yanzu bai dawo ba.

Yaya yana tsaye a bayana, yana huci a kan wuyana.

"Injiniya, matsa gaba mana. Hagu ya yi ko dama?"

Na matsa. Hoton farko mai babur ne ya kawo saƙo ya juya. Na biyu Umma ce ta fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ba Kawu.

Kawu yayan Umma ne. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa da ba ta fi faɗin tabarma ba, da gilashinsa maƙale a ido ɗaya da tsinken kama ƙananan kusoshi. Matarsa ta rasu tun ban yi wayo ba, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Mutum ne da ba ya gaggawa. Idan ka kawo agogo ka ce sauri kake yi, sai ya miƙo maka abinka ya ce, "To ai shi ma saurin ya yi, shi ya sa ya zo nan." A kan cinyarsa na fara riƙe sukundireba. Shi ya sa mini suna Injiniya ina shekara bakwai, ranar da na kwance rediyon Umma na kasa mayar da shi. Kowa a gidan ya yi mini faɗa ban da shi. Ya zaunar da ni muka haɗa tare, kusa uku suka yi saura, ya zuba su a aljihu ya ce kar na gaya wa kowa.

Shekara uku da suka wuce mantuwa ta fara damunsa, Umma ta dawo da shi wurinmu. Yana kirana da sunan Umma wani lokaci. Ƙafafunsa sun yi rauni, ya ƙi sanda, ya ce ta tsofaffi ce. Duk inda za shi katanga yake bi, tafin hannunsa a jikinta, taki ɗaya ya tsaya, taki ɗaya ya tsaya. Har ya bar layin duhu a jikin fenti daidai tsayin kafaɗarsa.

Shagon Yaya na kayan wuta a jikin gidan yake, da kyamara huɗu: cikin shago, sito, ƙofar gida da bayan gida. Dukkansu suna tura hoto zuwa na'urar naɗa guda ɗaya a ƙarƙashin kanta. Wanda ya kafa su ya bar su suna ɗauka ba tsayawa, saboda haka faifan ajiya kan cika a kwana shida, sabon hoto ya fara hawa kan tsoho. Yaya kuwa idan ya tafi saro kaya sai ya yi mako biyu, ya dawo ya tarar makon farko ya shafe. Ya ce zai sayo babban faifai.

Ni na hana shi. Wata tara ke nan da gama digirina na kwamfuta ina zaune a gida, ina wanke-wanke da tura takardun neman aiki. Na ce ya bar mini.

Sito na bar shi yana ɗauka dare da rana. Cikin shago na sa masa jadawali, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Ƙofar gida da bayan gida na mayar da su kan motsi, wato ba sa ajiye komai sai wani abu ya gitta. Faifan ya kai kwana goma sha ɗaya. Sai na lura kyamarar ƙofa tana ɗauka kusan wuni guda, saboda bishiyar maƙwabta: iska na kaɗa ta, inuwarta na rawa a jikin katangarmu, na'ura ta ɗauka mutum ne. A wurin saitin motsi hoton yana rabe gida-gida kamar dara, wurin da ka shafa wa ja shi kaɗai take lura da shi. Na goge duk gidajen da ke gefen katanga, tun daga zaure har bakin ƙofa, na bar tsakiyar hanya. Na kuma rage mata ƙarfin jin motsi. Na gwada da kaina, na wuce ta tsakiya da saurina, ta kama ni. Faifan ya kai kwana goma sha huɗu cif.

Yaya ya yi ta gaya wa masu sayen kaya. Kawu ma da ya ji ana yabona ya tafa, bai san dalili ba.

Ina kallon wannan layin duhun na jikin fenti a cikin hoton lokacin da nake goge gidajen. Kullum ina wucewa ta gabansa. Ban tuna wanda yake bin wurin ba.

Ranar Talatar, Umma ta kwanta da ciwon kai, ni ina ɗaki da abin ji a kunne, Yaya yana shago. Wani bai sa sakata ba bayan tafiyar mai babur. Layinmu hanya biyu ce. Hagu tana kai wa tashar mota, dama tana gangarawa tsohuwar kasuwa inda rumfar Kawu take da, kafin a rushe ta. Da mun san wadda ya bi, da ba mu raba masu nema kashi biyu ba, da ba mu ɓata sa'o'in farko muna buga ƙofofin da bai bi ta gabansu ba.

Yaya ya daki kanta ya ce, "Wannan akwatin banza ne. Dama na san mutumin nan jabu ya kafa mini."

 Kwana guda cur na bar shi yana zagin mutumin da ba ruwansa, har ya kira shi a waya.

Da safiyar Laraba na tarar da Umma a ɗakin Kawu tana ninke rigunansa, waɗanda dama a ninke suke. Na durƙusa na gaya mata komai, da gidajen da na goge, da bishiyar, da kwana ukun da nake nema. Ban sani ba ko ta fahimci rabinsa.

"Wato na'urar tana ganinsa?" in ji ta.

"Kyamarar tana ganinsa, Umma. Ajiyewa ne ba ta yi ba. Ni na ce mata kar ta kula da wurin."

Ta daɗe tana shafa wuyan rigar. Sannan ta ce, "Tashi ki wanke fuskarki. Ki je ki gaya wa yayanki da bakinki, ya kira bawan Allahn nan ya ba shi haƙuri."

Na je. Yaya bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce, "Mayar da ita yadda take." Na mayar da kyamarar ƙofa tana ɗauka ba tsayawa. Tun daga ranar bai sake kirana Injiniya ba, sai dai "ke".

Mun kai hotonsa ofishin 'yan sanda da asibitoci uku. Na bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su duba nasu kyamarorin. Ta mai kemis ta kalli cikin shago kawai. Ta mai wankin mota ta lalace tun bara. Akwai gidan mai a kan kwanar hagu da kyamararsu ta kalli titi, amma lambar sirrin na hannun manaja, shi kuma ya yi tafiya. Ma'aikacin da na samu ya ce faifansu mako guda yake riƙewa.

Yau Juma'a. Manajan ya ce zai iso gobe da rana. Ba mu ji komai daga 'yan sanda ba, ba mu ji daga asibiti ba.