Tunatarwar azumi na talatin

Autata ce mai rubuta tunatarwar azumi a shafin ƙungiyar taimakon marayu ta garinmu, nan ƙasar Batsari. Kullum da hantsi saƙo ɗaya yake fita: yau azumi na kaza, a tuna da maƙwabci, mai gero ya kawo gero, mai sukari ya kawo sukari. Ni ko alif ban sani ba. Malamar Islamiyyar da suke riƙe da shafin tare ita take karanta mini, in ji ko yarinyar ta yi shirme.

Azumi bai kai goma ba 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Safana, ta je kai kayan buɗa-baki. Suka shige da su daji.

Washegari da hantsi saƙo ya fita. Na sa malama ta maimaita. Maganarta ce, har da "don Allah jama'a" da take yawan faɗi.

Malama ta ce, "Inna, tun kafin azumi ta rubuta su duka. Kowanne ta sa masa rana da lokaci, da kansa yake fita. Kin ga sauran nan a jere."

Na ce, "Waya ce za ta tashi da safe ta san yau azumi nawa? Ke dai karanta."

Ana cikin goman ƙarshe wani mutumin Ruma ya kuɓuto. Ya ce zazzaɓi ya kashe autata a can, da shi aka rufe ta. Ƙanin babanta ya zo ya durƙusa, ya ce a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa. Na hana. Na ce wanda ya fito daji a firgice, kowace mace ɗaya ce a idonsa. Yarinyar da ta yi magana yau da safe ba za a yi mata zaman makoki a gidana ba. Mata suka riƙa zuwa har zaure suna komawa.

Azumin shekarar bai cika talatin ba, aka ga wata. Gari ya waye ana kabbara, da hantsi na kira malama kafin ta tafi idi. Ta duba wayar.

"Karanta," na ce.

"Inna, a bari sai an sauko."

"Ba ki ji ni ba ne?"

Ta karanta: yau azumi na talatin, don Allah jama'a a daure, wanda bai fitar da zakkar kono ba ya fitar kafin gobe.

Duk mai rai da waya a hannu ya san ranar Sallah ce. Yarinyar nan kuwa ita take fara jin labarin wata a gidan nan, ta zo ta faɗa mini.

Na tambaya saura saƙo nawa. Ta ce ɗaya, na barka da Sallah, gobe zai fita. Na ce ta cire shi.

Na aika a kira ƙanin babanta. Tabarmi biyun da ke ɗakina ni na ɗauko su da kaina.