Kwatancen ra'ayoyi biyu da lissafin wata yarinya a Kambaza

A shekarar da nake karatun takardar shaidar malanta, ina zaune a Gwandu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Kambaza. Ranar Asabar da Lahadi kuma nakan hau mota zuwa Kalgo, inda ake ba mu darasi a wani ajin aro. Idan an tashi da azahar, gidan kawuna nake zuwa cin abinci. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, kuma ko dafa-duka yake ci sai ya tambaye ni abin da aka koya mana.

Saura mako uku a yi jarrabawa, malamin da ke koya mana yadda yara ke koyo ya ja kunnenmu a kan abu ɗaya: mu iya kwatanta ra'ayoyi biyu na masana a kan koyo, bihebiyarizim da kwanstiraktibizim. Na ja layi a tsakiyar takarda, na jera bambance-bambancen da Turanci, na haddace su tsaf. Da na je gidan kawu na karanto masa ba tuntuɓe. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in maimaita da Hausa, kamar kakata nake yi wa bayani.

Na farkon bai ba ni wuya ba. Na ce masu wannan ra'ayi suna ganin koyo shi ne canjin da za a iya gani a ɗabi'ar yaro. A yi masa tambaya, ya ba da amsa, idan daidai ne a yaba masa nan take, sai amsar ta zauna. A yanka darasi ƙanana-ƙanana, a yi ta maimaitawa. Abin da ke gudana a cikin kansa kuwa ba su sa shi a ma'auni, tunda ba a ganinsa. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce shekarunsa na aiki duka haka ya yi, bai san yana da suna ba.

Da na zo na biyun sai na ce yaro da kansa yake gina iliminsa, na tsaya. Ya tambaye ni da me yake ginin, kuma idan haka ne me ake biyan malami ya yi. Na duba takardata, babu amsa a ciki.

"Ɗiyata," ya ce yana dariya, "kin haddace maganar waɗanda suka ce hadda ba ta isa ba."

Na ji kunya, amma na taya shi dariyar. Don in kauce sai na kawo masa zancen wata yarinya da ke damuna a aji, 'yar wata ruga da ke bayan gari, mai shiru da tsabtar rubutu. Idan na ba ta talatin da biyu a cire goma sha bakwai, ashirin da biyar take rubutawa. Na gyara mata, na sa an yi mata tafi da ta rubuta sha biyar, washegari na canza lambobin ta sake faɗawa ramin. Kawu ya ce matakina ne ya yi faɗi. In raba aikin, in koya mata aro, wato ɗauko goma daga lambar gefe, shi kaɗai, in riƙa duba kowane layi kafin ta wuce na gaba.

Na bi shawararsa mako guda, kuma ta yi aiki, ba zan ɓoye ba. Idan ina tsaye a kanta na ce ta yi aro, sai ta yi. Amma ranar da na ba su aiki na koma teburina, tsohuwar hanyar ta dawo. Da na gaya wa kawu ranar Asabar, sai ya tambayi ƙarfe nawa muke yin lissafi.

Ranar Talata ina tsakiyar darasi na gan shi a bakin ƙofa, ya sha babbar riga, ya taso tun daga Kalgo. Ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yara suna ta waige. Da aka fita tara ya ce in kira yarinyar. Bai gyara mata komai ba. Ya nuna ashirin da biyar ɗin, ya roƙe ta ta koya masa yadda ake yi, wai shi tsoho ne ya manta. A hankali ta ce ba a cire babba daga ƙarami, wai ni na faɗa musu tun farko. Don haka ta cire biyu daga bakwai, ta cire ɗaya daga uku.

Ashe ba sakaci take yi ba. Doka ce ta haɗa wa kanta daga maganata, tana kuma bin ta da gaskiya.

Kawu ya tambaye ta, idan shanunsu talatin da biyu ne, sha bakwai suka tafi mashaya, nawa za su rage. Ta ɗan motsa yatsu ta ce sha biyar. Ya ajiye mata amsoshin biyu gefe da gefe. Ta daɗe tana kallonsu, fuskarta a tamke. Sai ya sa na kawo tsinken tsintsiya, muka ɗaure goma-goma har ɗauri uku, ga biyu a warware. Ya ce ta ba shi bakwai. Ta miƙa biyun, ta tsaya, ta kalle ni. Na buɗe baki zan yi magana, kawu ya ɗaga mini hannu. Can ta sa haƙori ta kwance ɗauri ɗaya.

"Malama," ta ce, "wannan ne aron?"

Na ce shi ne. Na zata kawu zai ce ya sauya sheƙa, amma ina. Da na raka shi bakin titi ya ce tunda ta gane, in ba ta irinsa da yawa har hannunta ya saba, don ganewar da ba a maimaita ba takan zube. Na tambaye shi to wane ɓangare yake. Ya ce shi ba ya rubuta jarrabawa, ni ke yi.

Tambayar kuwa ta fito a jarrabawar. Na fara da abin da kowane ɓangare ke kira koyo: ɗaya canjin ɗabi'a da ake ƙarfafawa daga waje, ɗaya fahimtar da yaro ke haɗawa a kan abin da ya riga ya sani, shi kaɗai ko da taimakon wanda ya fi shi. Na ce malami a wajen na farko mai tsara matakai ne da ba da lada, a wajen na biyu mai bincike ne da tallafi, yana janye hannu idan yaro ya tsaya. A kan kuskure na fi tsawaitawa. Ɗaya yana ganinsa amsa ce da za a gyara maza kafin ta zama jiki, ɗaya yana ganinsa alamar yadda yaron ke tunani. Na kawo misalin ashirin da biyar, na kuma rubuta inda kowanne ya gaza mini: maimaici bai tumɓuke dokarta ba, tsinken tsintsiya kuma ya cinye mini hutun tara guda a kan yarinya ɗaya, ga aji cike. Lokaci ya kusa ƙure mini, tambaya ta ƙarshe a gurguje na amsa ta.

Sakamako ya fito bayan an yi girbi. Wannan darasin ne na fi samun maki a cikinsa. Na sayi goro fari na kai wa kawu Kalgo, na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya karanta sau biyu, ya sa mini albarka. Sannan ya ce in shiga ciki in gaida matarsa, tun safe take ajiye mini kifi.