Dogo Ya Yi Azahar Biyar

Dogo shi ne mai awo a ɗakin ajiyar kaya inda nake dako. Shekara goma sha tara yana tsaye gaban sikeli, biro a bayan kunne, bai taɓa yarda buhu ya wuce da rabin kilo ba. Yana da mata da 'ya'ya uku, da wani babur da sai an lallashe shi yake tashi. Yana da shekara arba'in da bakwai ya musulunta, ranar wata Laraba, a ɗan masallacin bayan ma'aikata. Tun daga ranar ya manne mini. Duk inda na tsaya a sahu, yana kafaɗata.

Ni kuwa, Allah ya shirye ni, ban cika samun kabbarar farko ba. Sai an yi nisa muke shigowa da gudu, ruwan alwala na ɗiga, liman ya yi sallama mu miƙe mu cike abin da ya wuce mu. Wata biyu muna haka.

Sai aka ce an ba Dogo riƙon sabon rumbu a bayan gari, zai fara Litinin. Ƙarin girma ne, amma daga shi sai sikeli, ba masallaci kusa, ba wanda zai bi. Mutumin ya kasa zama. Ya auna buhu ɗaya sau uku.

Ranar Alhamis ina kan mota ina sauke kaya, ya tafi Azahar da wuri, har sahun gaba. Na iso a ƙarshe na hango shi: liman ya sallame raka'a huɗu cif, Dogo ya miƙe ya ƙaro ta biyar.

Baba Ladan, tsohon da ke kiran salla, ya tare shi a bakin ƙofa. "Dogo, wannan ta ƙarshen fa, gyara aka ba ka?"

"Ba haka ake yi ba? Liman ya gama tasa, kowa ya yi ta kansa."

"Wa ya koya maka?"

Ya nuna ni. Na duƙa ina neman takalmin da ke ƙafata.

Baba ya sake tambayar Dogo: "Nawa kake ƙarawa?"

"Yadda ya yi. Wata rana ɗaya, wata rana uku." Ya sunkuyar da kai. "Baba, ni ban san adadin ba. Kallo nake yi. Zan ce wa manaja ya ba wani wurin kawai."

Baba Ladan ya ce ba ka isa ba. Ya sa shi ya sake Azahar ɗin, sannan ya juyo kaina: "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ina jin ka."

Muka shimfiɗa kwali tsakanin buhuna. Na ce, "Yaya Dogo, ka tsaya ka yi niyya, ka ɗaga hannu ka yi kabbara. Fatiha, sannan sura. Sai ruku'u, hannu a gwiwa, baya a miƙe. Sai sujada."

"Ka tsallake," in ji Baba. "Ya ɗago ya tsaya kyam tukuna. Ba faɗowa ake yi kamar buhu ba."

"To, ka ɗago. Sujada, goshi da hanci a ƙasa. Ka zauna kaɗan. Ka sake sujada. Duk wannan raka'a ɗaya ce."

"Ɗaya? Ai sau biyu na kai ƙasa."

"Ruku'u za ka ƙirga," Baba ya ce. "Bayan raka'a ta biyu ka zauna ka yi tahiya. In Asuba ce ka sallame. Magariba ka tashi ka ƙara ɗaya, Azahar da La'asar da Isha'i ka ƙara biyu, da Fatiha kaɗai, ka sake zama ka yi tahiya ka sallame. Wanda ya makara ne yake tashi bayan liman, irin wannan ɗan neman."

Dogo ya zaro biro ya rubuta a kwalin: biyu, huɗu, huɗu, uku, huɗu. Kwana biyu yana zarya tsakanin sikeli da kwali, leɓensa na motsi.

Ranar Asabar aiki ya riƙe mu har aka idar da La'asar. Na ce mu yi jam'i, Baba ya ce a'a, a bar Dogo ya yi shi kaɗai. Muka tsaya a bayansa muna kallo. Raka'ar farko lafiya. Da ya ɗago daga sujada ta biyu a raka'a ta biyu, sai na ga ya dafa ƙasa kamar zai yunƙura. Na buɗe baki, Baba ya take mini ƙafa. Dogo ya ɗan tsaya a haka, sannan ya koma ya gyara zama, ya fara tahiya.

Ya cike huɗu ya sallame. Bai tambaye mu ko ya yi daidai ba. Ya karkaɗe gwiwa, ya wuce ofis ya karɓi makullin sabon rumbu.