Asusun Mai Gona Ɗaya

Shekara huɗu na yi a wani reshen banki a Malumfashi ina aikin da ba a taɓa yi wa mai shi godiya ba. Duk wanda ya buɗe asusu sai ya cika fom: sana'arsa, inda kuɗinsa ke fitowa, da abin da yake tsammanin zai riƙa shiga asusun. Ni kuma aikina in ajiye wannan fom a hannun dama, takardar shige da ficen asusun a hannun hagu, in duba ko sun san juna. Ba yawan kuɗin kaɗai nake dubawa ba. Nakan duba lokacin da suke shiga, daga hannun wa, da kwana nawa suke yi kafin su fita. Asusun manomi yana da sauƙin ganewa: kuɗi su shigo bayan kaka idan an sayar da masara, su yi ta lallaɓawa, sannan taki ya cinye su a farkon damina. Ni mace ce mai saurin hasala, kuma na ɗauka ba ƙaryar da za ta wuce ta gabana.

Wata safiya, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, saƙo ya zo daga hedikwata a kan asusun wani dattijo daga wani ƙauye bayan Ƙarfi. A fom ɗinsa an rubuta noma, gona ɗaya, masara da dawa, dubu ɗari uku a shekara. A asusun kuwa akwai sama da miliyan bakwai. Kuɗin ba bayan kaka suke shiga ba. Kowane mako, ranar kasuwa, sai a ga dubu biyar, dubu ashirin, dubu tamanin suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya ta hannun mai POS guda, har a watannin da manomi ba ya da abin sayarwa sai ƙafarsa. A yankinmu, inda ake karo-karo a kai wa mutanen daji kuɗin fansa, ƙananan kuɗi masu taruwa a asusu ɗaya ba abin wasa ba ne. Hedikwata ta tsayar da cire kuɗi har sai ya sabunta bayanansa ya kawo shaida.

Abu ɗaya ne ya hana ni yanke hukunci. Kuɗin banza ba ya zama, yau ya shiga gobe ya fice. Waɗannan kuwa watanni suke yi a kwance, kuma in za su fita, a ƙanana suke fita kamar yadda suka shigo.

Na aika ya zo. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha faci har ban iya gane wanne ne asalin yadin ba. Na sa aka ba shi ruwan leda, ya sha rabi, ya ƙulle bakin ledar ya sa a aljihu. Muka gaisa, na ce masa banki na sabunta bayanan masu asusu, don ba a yarda mu gaya wa mutum abin da ake zargi ba.

"Baba, nawa kake samu a shekara?"

"Abin da na faɗa maku tun farko, ɗiyata. In damina ta yi kyau, ɗari uku."

"To miliyan bakwai ɗin nan fa?"

"Ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na masu shi."

Na ajiye biro. Na ce masa ina da aiki, shi ma ya ce yana da aiki, gonarsa ko shara bai gama ba. Sai da muka kwashe kusan sa'a guda kafin na ciro labarin daga bakinsa. Ashe a ƙauyensu tun yana saurayi aka san shi da abu biyu, rowa da rashin magana. Mutane suka duba suka ga wanda ba ya iya kashe kuɗinsa ba zai iya kashe na wani ba, wanda ba ya hira kuma ba zai yi suɓul da baka ba. Sai ya zama ma'ajin gari ba tare da an naɗa shi ba. Mace ta sayar da akuya ba ta son miji ya sani, ta kawo masa. Miji ya sayar da buhu biyu a ɓoye don kada dangi su yi masa caa, ya kawo masa. Da a tukunya yake binnewa a ƙarƙashin rumbu. Da aka yi canjin kuɗi ya sha wahalar da ta sa ya rantse, tun daga nan duk abin da aka ba shi sai ya kai wa mai POS ranar kasuwa, kowanne daban, ya tura asusunsa. Ko sisi ba ya karɓa a kan wannan aiki.

"Ina littafinka?" na tambaye shi.

Ya taɓa goshinsa da yatsa.

Na ce to bari in gwada goshin. Na riƙe takardar yadda ba zai gani ba, na ce ya faɗa mini abin da ya shiga kasuwar farko bayan babbar Sallah. Ya lumshe ido ya jero guda tara, ɗaya bayan ɗaya, har da wata dubu uku da ɗari biyar. Duka suna nan. Na koma baya wata shida, ya sake jerowa. A wuri guda muka saɓa, da na duba da kyau sai na ga ni ce na tsallake layi.

A raina na yarda da shi tun a nan. Amma hedikwata ba ta karɓar goshi. Na rubuta musu abin da na gani, suka amso cewa kuɗin wasu ne a asusun mutum ɗaya, don haka dole a san masu su. Kowa ya zo da katin shaidarsa ya sa hannu cewa kaza nasa ne, kuma ga inda ya samo. Na karanta wa dattijon amsar tasu.

"Ɗiyata, in na faɗi sunayensu na ci amana. In ban faɗa ba, lokacin taki ya zo, su zo karɓa in ce banki ya riƙe. Wa zai yarda? Za a ce tsoho ya cinye. Mi kike so in yi?"

A nan na kawo dabarar da har yau nake jin kunyarta, don a lokacin ji na yi babu mai hikima irina a Malumfashi. Na ce ba sai ya faɗa mini sunan kowa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a asirce, kowa ya zaɓi ranar da ta yi masa, ya zo shi kaɗai ya same ni a ofishina, in rufe ƙofa. Ba wanda zai ga wani. Ya ce to.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mutumin ƙauye ba ya tashi ya tafi gari haka kawai ba a tambaye shi ina za shi ba. Uzuri ɗaya ne ba ya jawo tambaya, wato cin kasuwa. Mutum arba'in da ɗaya, kowa ya zauna ya yi tunaninsa shi kaɗai cikin sirri, kowa ya zaɓi ranar kasuwar Malumfashi mai zuwa. Fiye da rabinsu a mota ɗaya suka zo. An ce tun daga ƙauye kowa ke faɗin abin da zai sayo, suka sauka a tasha suka watse, kowa ya bi wani lungu daban don ya ɓad da sawu, suka haɗu a bakin ƙofarmu.

Ban taɓa ganin zauren banki cike da mutane ya yi tsit haka ba. Kowa na zaune yana kallon silin. Wani ya ce shi inuwa ya shigo sha, wata ta ce ta ɗauka nan ne asibiti. A benci na gaba akwai wani magidanci da matarsa, tsakaninsu tazarar mutum biyu. Na kira matar, ta tashi za ta shigo, sai mijin ya kasa haƙuri.

"Ke, ba kin ce man tunkiyar nan ta mutu ba?"

Ta juyo a hankali.

"Ta mutu, Malam. Kai kuma da ka ce ba ka da ko na kwanon rufi ɗaya, ruwa na zuba mamu a gado, gaisuwa ka zo yi ma manaja?"

Daga nan aka ɓalle. Babban wa ya gano ƙanen da ya rantse masa bai da ko ƙwandala, suruka ta gano surukarta. Ina cikin rabon faɗa sai na ga mai gadinmu ya jingine sandarsa ya bi layi da katinsa a hannu. Na ce Malam lafiya? Ya sunkuyar da kai ya ce matarsa 'yar ƙauyen ce, shi ma wajen Baba yake ajiya, don gaskiya bai yarda da banki ba. Shekara biyu ke nan yana gadin kuɗinsa bai sani ba.

Dattijon yana can ƙarshen benci, hannuwansa a kan gwiwa, har aka tashi.

Kafin la'asar na gama. Na haɗa abin da kowa ya sa hannu a kai, na ɗora ɗan abin da yake nasa, jimlar ta zo daidai da abin da ke asusun, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Bayanin kowa ma ya hau: mai tunkiya kuɗin tunkiya gare ta, mai buhu biyu na buhu biyu. Na rubuta rahoto cewa fom ɗin bai dace da asusun ba, amma an gano asalin kuɗin kuma babu abin zargi, sai dai a daina ajiyar jama'a a asusun mutum ɗaya. Bayan kwana uku aka buɗe. Kowa ya karɓi nasa ya sayi takinsa a kan kari. Manajanmu ya buɗe sababbin asusu talatin da 'yan kai a mako guda, hedikwata ta aiko masa da yabo, ni ma ya ce mini sannu da ƙoƙari.

Na ba dattijon shawara su buɗe asusun ƙungiya, shi da mutum biyu su riƙa sa hannu. Ya ce abin da mutum uku suka sani ai ba ajiya ba ce. Ba wanda ya ce ya ci ko sisi, amma a ƙauyen an riga an yanke cewa shi ya kai su inda aka tona su. Na ji daga bakin mai gadi cewa ba mai sallama a ƙofar gidan dattijon yanzu. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san dabarar tawa ce, shi ko suna ɗaya bai furta ba.

Bayan kaka ya zo ajiye kuɗin masararsa. Da ya gama a kantar ajiya sai ya leƙo ofishina, muka gaisa. Na jawo asusunsa a kwamfuta don in sami abin kallo. Tun daga damina ba abin da ya shiga sai wannan na ranar, dubu ɗari biyu da tamanin.

"Ɗiyata, yanzu takardar taku ta yi daidai?"

Na ce, "Ta yi daidai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce da ma abin da ya tsaya tambaya ke nan, don yanzu yana da lokaci.