Fanshon Maigida a Hannun Kawu

Maigidana mai kula da sito ne a wani kamfanin casar shinkafa a bayan garin Yauri. Mai kamfanin kawuna ne, yayan Inna ciki ɗaya, shi ya ɗauke shi aiki shekarar da aka ɗaura mana aure. Duk wata ana cire masa kashi takwas cikin ɗari na fansho, kamfani ya ɗora goma, a tura asusunsa. Da farko saƙo kan shigo wayarsa in kuɗin sun shiga. Yakan nuna mini, in ce Allah ya kai mu tsufa da rufin asiri.

Wata damina ya shiga kwalekwale zuwa ta'aziyya ta wajen Wara, wayar ta zame daga aljihu ta faɗa ruwa. Mu nan bakin tafki wannan ba labari ba ne, sai ya sayi sabon layi. Da saƙon ya daina zuwa muka ce ai tsohuwar lamba suke aika wa. A kan wannan zaton muka zauna shekaru, tunda ana ci gaba da cirewa daga albashi.

Sai da wata hidima ta kai shi Birnin Kebbi ya leƙa ofishin masu riƙe masa asusun, don su canza lambar. Suka buga masa bayanin asusu. Ashe tun 'yan watanni bayan faɗuwar wayar ko kwabo bai sake shiga ba. Ranar ya dawo, na ajiye masa tuwo da miyar kifi, har ya huce bai taɓa ba.

Ma'aikaciyar ofishin ta faɗa masa cewa doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya saɓa akwai tara a kansa, aƙalla kashi biyu cikin ɗari na abin da ya riƙe, duk wata. Ta ce shi da abokan aikinsa su fara rubuta wa kamfani su riƙe kwafi. In ba a biya ba, su kai kuka hukumar fansho ta ƙasa da bayanin asusu da takardar ɗaukar aiki da ta albashi. Hukumar na da masu bin irin wannan bashi, bayanta kuma akwai kotun ma'aikata.

Sauran ma'aikata suka bincika nasu, duk kanwar ja ce. Suka rubuta wa manaja, ya ce man inji ya yi tsada, kasuwa ta mutu, a yi haƙuri. Da haƙurin ya yi tsawo suka shirya ƙara. Mai kula da inji, wani dattijo Bakambare mutumin Ngaski, ya kawo ta zaurenmu bayan la'asar. Ina tsakar gida ina tsintar wake, ina jin su shi da maigidana.

“Surukin gida, ba mu ce ka shige gaba ba. Hannu kawai za ka sa.”

“Mutumin da nike gaisarwa a tsugune, shi zan kai ƙara?”

“To ci gaba da tsuguno. In kuɗi suka fito har da naka, mu ga ko za ka ce kunya ta hana ka karɓa.”

Na je wa Inna da maganar. Ta tuna mini cewa Kawu ne ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin sakandare, kuma a gidansu ba a taɓa kai babba gaban hukuma ba. Ta ce in dai da sunan mijina a takardar, in bar mata ƙofarta.

Sai na tafi wurin Kawu da kaina. Na durƙusa, na gaishe shi, na tambayi iyali da kasuwa, na kewaya na kewaya kafin in ce kuɗin nan amana ne, guminsu ne. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

“Ɗiyata, kuɗin suna cikin kamfani, ba ci na yi ba. Kin taɓa kwana da yunwa?”

Na ce a'a. Ya sa aka ɗora mini buhun shinkafa a mashin, na yi godiya, don ban san yadda ake ƙin kyautar kawu ba.

Ƙarar ta tafi babu sunan maigidana. An amsa musu cewa ana bincike, har yanzu suna jira. A wurin aiki sun daina kiransa cin abincin rana. Kawu kuma amsa masa gaisuwa yake a daƙile, don ya san shi ya fara zuwa dubawa. Furfura ta kama gemun maigidana, bayansa na ciwo, ƙarshen watan jiya ma an cire masa na fansho. Nakan yi masa addu'a a sujada, in yi wa Kawu, don ba na son ya haɗu da Ubangiji da haƙƙin mutane a wuya.

Rannan yana alwala a bakin rariya, ina riƙe masa buta, ya tambaye ni in ya rubuta tasa ƙarar shi kaɗai, ko zan iya rayuwa ba shiga gidan Inna. Na ce ruwan ya ƙare, bari in ƙaro. Har yau ban ba shi amsa ba, shi ma bai sake tambaya ba.