Kafaɗa, Ɗan Dakon da Ya Koyar da 'Yata Fiziks

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, 'yata ta kira ni a waya ta ce Kawu ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da kai a zuciya, Kafaɗa, kuma duk dangi sun sani, dalilin ne kawai ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yau zan faɗa, tunda ba ka nan balle ka yi mini dariyar nan taka.

Kai ƙanin matata ne, shugaban 'yan dako a siton siminti, kuma aikin ne ya ba ka sunan da ya danne na yanka. Aji huɗu na firamare ka tsaya. Ni kuwa na yi jami'a, na yi shekara goma sha ɗaya ina kula da injinan masaƙa, har ranar da aka garƙame ƙofarta aka sallame mu. Takarduna suna cikin akwati har yanzu, gara ta ci gefensu. Duk da haka ba ka daina kira na Injiniya ba. Ina jin sunan kamar ana watsa mini ruwan zafi, alhali na san kai girmamawa kake nufi.

Mutane za su faɗi alherinka, kuma ba su yi ƙarya ba. Lokacin da wani dattijo cikin mutanenka ya kamu da ciwon baya, wata uku kana ɗaukar rabonsa bayan naka don kada a kore shi. Ruwa ya rushe mana katanga, da asuba na same ka kana kwaɓa ƙasa ba wanda ya aika maka. Ban ce maka sannu ba.

Abin da ya raba mu ya faru daren jajibirin jarrabawar Fiziks ta 'yata, a ajin ƙarshe na sakandare. Ta faɗi a shekarar da ta gabata, ni kuma na rantse idan ta sake faɗi karatu ya ƙare, ta koma kan keken ɗinkin uwarta. Muna tsakar gida da fitilar ƙwai, tambaya ɗaya ta tsaya mata a wuya. Akwati mai kilo ashirin ya zamo daga kan katako mai tsawon mita biyar, kan katakon yana mita uku daga ƙasa, gogayya tana ja da baya da ƙarfin niwton arba'in da takwas. Da wane gudu zai iso ƙasa? Kullum sai ta cakuɗa biyar da uku, ta sa wannan a gurbin wancan. Na cika mata shafi guda da kusurwa da rabe-raben ƙarfi, na fitar da amsa daidai, ba ta gane ko layi ɗaya ba. Na buga littafin da ƙasa, na ce ƙwaƙwalwar dangin uwarta ta ɗauko.

Kana bakin ƙofa, ka zo gaida yayarka, ka ji. Ka sa aka karanta maka tambayar sau biyu, sannan ka jawo katakai biyu daga bayan ɗaki, dogo da gajere, ka jingina su a kan ganga ɗaya, ka cika ƙaramin buhu da yashi. Ka sa ta ɗora buhun kan gangar ta kowane katako. Ta ce a dogon ya fi sauƙin turawa, sai dai tafiyar ta fi nisa. Ka ce haka ne, kuma ko ta ina aka bi, wuri ɗaya buhun ya hau.

"'Yar Yaya, bayan motar da nake loda wa siminti bai san tsawon katakona ba," ka ce mata. "Tsayinsa kawai ya sani. Abin da kaya ya tara a sama, na tsayi ne."

Sai ka saki buhun. A gajeren katako ya faɗo da ƙarfi har ya tura takalminta, a dogon kuwa ya sauko yana jan jiki kamar mai ciwon ƙafa. Ka tambaye ta ina ƙarfin ya tafi, tunda daga wuri ɗaya ya taso. Ka kama tafin hannunta ka goga shi da sauri a kan katakon har ta fizge, ta ce zafi.

"To ga shi nan. Bai ɓace ba, katako ne ya ci. Shi kuwa katako kowane taku sai ya gutsura, don haka nasa lissafin na tsawo ne."

Na ga lokacin da abin ya shige ta. Ta durƙusa ta jawo littafin da na jefar. Kuzarin da akwati ya tara a sama: kilo ashirin, sau goma na jan ƙasa, sau tsayi uku, jul ɗari shida. Wanda gogayya ta mayar zafi: arba'in da takwas sau tsawo biyar, ɗari biyu da arba'in. Saura ɗari uku da sittin, shi ne kuzarin gudu, wato rabin kilo ashirin sau gudu sau gudu. Ta raba da goma ta sami talatin da shida. Mita shida a daƙiƙa. Layi uku ta yi, inda ni na ci shafi. Ba wanda ya sa ta, ta wuce kashi na biyu, inda aka ce gogayyar daɓe niwton sittin ce, ta raba ɗari uku da sittin da sittin, ta ce akwatin zai ja mita shida ya tsaya.

Ta miƙe da littafin, tana dariya tana hawaye. Ina zaune kusa da ita, hannuna har ya fara miƙewa. Ta wuce ni ta kai maka, kai da ba ka iya karanta abin da ke ciki ba. Ka ce ta nuna wa Injiniya, shi ne mai sanin abin. Wannan kalmar ce ban yafe ba. Da na raka ka ƙofa na ce maka gidana ba sito ba ne, kada ka ƙara shigo mini da aikin dako. Ka ce to, Allah Ya ba ta sa'a. Ba ka sake taka gidan ba.

Washegari a jarrabawa aka kawo musu tambayar keke yana gangarowa daga tudu, ta gane tambayar jiya ce ta sake riga. Ta ci jarrabawa. Sakamakon ma wajenka ta fara kai shi, ni a bakin uwarta na ji. Ta yi karatun gine-gine, yau gadoji take zanawa. Tana gaishe ni, tana aiko mini da magani, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma shawarar aiki, da ta aure, da sunan ɗanta na fari, duk a benci na bakin sito aka yanke su. Na daɗe ina cewa ƙwace mini ita ka yi. Ƙarya nake yi wa kaina. Sau biyu ka aiko a ba ni haƙuri a kan laifin da ba ka yi ba, na ce a gaya maka ina barci.

Allah Ya jiƙanka, Kafaɗa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sauke maka nauyi kamar yadda ka sauke wa bayinSa, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka biyar, da yayarka da ta yi shekaru tana zuwa gidanka a ɓoye saboda ni, da 'yan dakon da suka hana kowa taɓa makararka. Allah Ya ba ku haƙuri.

Jiya a wajen zaman makoki wasu abokan aikin 'yata suka zo. Suka ce mata Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ta haƙurin rashin uba. Ina zaune a tabarmar da ke gefe. Ta ce amin, ba ta gyara musu ba.