Malam Wakilinmu

Na yi aikin fassara a Khartum, na yi a Yamai, kuma ko'ina na tarar da jaridu suna buga labarin da ba sunan kowa a kansa. Amma a Bauchi kaɗai na ga an raɗa wa irin wannan labari uba.

Ɗan ƙanena ne yake digiri na biyu a wata jami'a. Ya taso daga ɗakinsa na haya a Yelwa, ya same ni a gida a unguwar Ɗan Iya da kundin bincikensa a kan tsadar taki, ido ya faɗa. An kusa zaman kare kundi, in bai shiga ba sai baɗi, ga shi an yi masa alkawarin aikin koyarwa da sharaɗin ya gama bana. Farfesan da ke duba shi kuwa ya zagaye wani rahoton jaridar intanet da jan biro, ya rubuta: ina marubucin?

Na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. In ba suna, kanun labarin ke hawa gurbin suna, sai kwanan wata, sunan jarida da adireshin shafin. A cikin rubutu kuma ka kawo kalmomin farko na kanun da shekara."

"Haka na yi, Baffa. Ya ce shi bai san hujjar da ba ta da mai ita ba."

"To ka kai masa littafin ƙa'idar rubuta manazarta ya gani."

Ya dube ni kamar na ce ya mari limami. "Baffa, ni digiri nake nema, ba gaskiya ba."

Da ya dawo da kundin, na duba jerin manazarta. Can wajen ƙarshe, tsakanin wasu Turawa biyu, ga sabon masani: Wakilinmu, D. A saman rahoton an rubuta "Daga Wakilinmu", shi ne yaron ya mai da Wakilinmu sunan mahaifi, Daga kuma sunan yanka.

Na ce, "Kai, ba ka tsoron Allah? Farfesan ai Bahaushe ne!"

"Cikin jerin Turanci, Baffa, ba ya ganin Hausa. Har cewa ya yi ya san rubuce-rubucen mutumin."

Na so in je in tona, matata ta ce in zauna, ba ni zan ciyar da shi ba in aikin ya kuɓuce. Na zauna.

Ranar zaman, mai jarrabawar da aka gayyato daga kudu ya tsaya a kan sunan. Yaron ya ce ya ɗauka asiri ne ya tonu. Ashe tambaya ce: wannan Wakilinmu ɗan wace jami'a ne?

Farfesa ya riga shi amsawa. "Namu ne, na nan Arewa. Ba ya son fitowa fili."

Aka ba shi digiri, da gyara ɗaya: waƙafi ya ɓace a shafi na uku.